Yadda hauhawar farashi ke cinye kuɗin fansho a Jigawa

A 1991, shekarar da aka ƙirƙiro jihar Jigawa, aka fitar da takardar ₦50, kuma babu wadda ta fi ta girma a lokacin. Da ita mai mota a Dutse zai sayi litar fetur 71, domin kobo 70 ake sayar da lita. Yau ko kwanon gero ba za ta saya ba a kasuwar Shuwarin.

Dalili shi ne ƙarin farashin kowace shekara yana hawa ne kan na bara. Masana na da hanya mai sauƙi ta lissafi: raba 72 da adadin hauhawar, za ka samu shekarun da farashi zai ninka. Idan kashi 12 cikin 100 ne, duk shekara shida kaya za su ninka kuɗinsu.

Ɗauki malamin makarantar da ya yi ritaya da fanshon ₦30,000 a wata. Idan ba a ƙara masa ba, bayan shekara shida cefanen ₦15,000 kuɗin za su yi masa, bayan shekara 30 kuwa na kusan ₦1,000. A Disambar 2024 ma hauhawar ta kai kashi 34.8, inda ninkin ke zuwa cikin shekara biyu da 'yan watanni.

Shi ya sa sashe na 210(3) na kundin tsarin mulkin 1999 ya wajabta sake duba fanshon ma'aikatan jiha duk shekara biyar, ko duk lokacin da aka sauya albashi. Da Gwamna Umar Namadi ya amince da mafi ƙarancin albashi na ₦70,000 a 2024, wannan sashe ne hujjar 'yan fansho ta neman nasu ƙarin.