Lambar sirri a kaye: ba laifi, in an san ma'ajiyarta

Jama'ar Damargu, masu saurare, ana yawan cewa duk wanda ya rubuta lambar sirrinsa a takarda ya yi sakaci. Ni ban yarda ba. Ɓarawon da ke satar Facebook daga wata ƙasa ba ya iya buɗe akwatin ƙarfen da ke ɗakinka a Tanut. Kuma wanda ya ƙi rubutawa, shi ne ke komawa ga 1234 ko shekarar haihuwarsa don tsoron mantuwa, alhali su ɓarawo ke fara gwadawa.

Mu ɗauki ɗan kasuwar da talhonsa ya faɗi ranar kasuwar Belbeji. Ya je kamfani da katin ɗan ƙasa, aka mayar masa da lambarsa. Sai WhatsApp ya nemi PIN mai lamba 6 da ya sa tun bara. In ya manta, kuma bai haɗa da imel ba, sai ya jira kwana 7, masu bin sa kaya na ta nemansa. In yana da kaye a gida, a ranar zai koma bakin cinikinsa. Haka PUK, lamba 8 da ke kan katin da layi ya zo da shi: in yaro ya kuskure PIN sau 3, layi ya kulle, ita ce mabuɗi. In aka yi ta cinke har sau 10, layin ya mutu.

To, yaya za a yi? Ka ware ƙaramin kaye, ba na bashi da ke yini a kan tebur ba. Kowane shafi abu guda: sunansa, lambar talho ko imel, lambar sirri, da ranar da aka sa ta. In ka canza, ka soke tsohuwar. Ka bambanta 0 da O, da 1 da 7, don rubutun gaggawa na ruɗa mai shi. Ka sa shi a leda saboda gara da yoyon damina, ka kulle. Kada ka ɗauki hotonsa, kada ya bi talho zuwa wajen mai sharji, don in sun haɗu a hannu guda, ƙofa ce da makullinta.

Amma lambar kuɗi, irin ta Airtel Money, ba ta shiga kaye. Haɗarin kaye na gida ne, kuma wanda ke iya kai hannu gare shi yana iya ɗaukar talhonka kana barci. Lamba 4 ce, a haddace ta.

Sauran wanda wani ke rubuta masa. Baba, in ɗanka ne ya rubuta, ku biyu ke da sirrin, ka zaɓi mai amana. Ranar da ka tarar an taɓa akwatin kuwa, kada ka tsaya bincike. Ka fara canza ta imel, don da ita ake buɗe sauran.