Talla Daban, Ciniki Daban

Da yawa daga cikin masu ƙananan sana'o'inmu sun ɗauka talla da ciniki abu ɗaya ne, duk neman mai saye ne. Saboda haka da kasuwa ta ja baya sai a hau yaron shago da faɗa, ko a ƙara zuba hotuna a WhatsApp. Wannan tunanin yana cinye jari, kuma abin yana damuna ƙwarai.

A ce wata Hajiya a Kano tana haɗa garin kunun gyaɗa tana ƙullawa a leda. Tallarta tana farawa tun kafin kowa ya taya. Sai ta yanke wa take nema, uwar gida mai yara ko ma'aikacin da ke sammako. Sai ta leƙa Kasuwar Singa ta ga girman ƙullin abokan gasa da farashinsu, ta gyara takardar jikin leda da lambar waya, ta ba da ɗanɗano a gidan suna. Idan azumi take hari, a Sha'aban za ta yi wannan aikin, domin amfaninsa sai bayan makonni yake fitowa.

Ciniki kuwa na yau ne. A amsa saƙon mai tambaya kafin ya huce. A zaga shagunan da aka ajiye wa kaya, a ƙirga abin da ya rage, a karɓo kuɗi, a bi bashi, a san inda za a ce albarka da inda za a sallama. Kafin magariba an san ko an yi ko ba a yi ba.

Gane inda ciwon yake ba ya buƙatar komai sai littafi da biro. Hajiya ta rubuta mutum nawa suka tambayi farashi a mako, nawa suka biya. Idan 5 suka tambaya, 4 suka saya, yaron shago ba shi da laifi. Mutane ne ba su san da kayan ba. Idan 40 suka tambaya, 3 suka saya, ƙarin hoto asara ne. A duba ko ana jinkirin amsawa, ko farashin bai dace da waɗanda tallar ta jawo ba.

Za a ce ai mutum ɗaya ne ke yin duka, ina kuɗin ɗaukar ma'aikata biyu? Gaskiya ne, kuma nan ne haɗarin yake. Ciniki yana da mai kira a waya, talla ba ta da mai tuni, don haka kullum ita ake ɗagawa zuwa gobe, har tsofaffin masu saye su ragu babu sababbi. Mai sana'a, ware wa talla safiya guda a kowane mako, kuma ka fara wannan ƙirgen daga Asabar mai zuwa.