Kartagiris mai tsabta ba shaida ba ce cewa mota ba ta da bashi

Tun da COMINAK ta rufe a watan Maris na 2021, aiki ya yi wuya a Arlit da Akokan, kuma matasa da yawa na ganin mafita ita ce su sayi tsohuwar mota su shiga jigila. To, ɗan'uwa, kafin ka ƙirga kuɗin, ga abin da dillali ba zai faɗa maka ba.

Mu ɗauka an nuna maka Hilux a miliyan 6 na sefa. Inji lafiya, kartagiris da sunan mai sayarwa, babu wani rubutu na jingina a kanta. Sai ka ce shi ke nan. A'a, da saura.

Nijar na cikin ƙasashen OHADA, kuma dokar jingina ta 2010 ta ce idan banki ya ba da bashi a kan mota, ana rubuta jinginar a rajistar kasuwanci, wato RCCM, da ke hannun magatakardan kotu. Dokar ta ce a rubuta ta a kan kartagiris ma, amma in ba a rubuta ba, jinginar tana nan daram. Ma'ana, in mutumin ya sayar maka ya daina biya, banki na da haƙƙin bin motar har ƙofar gidanka. "Wallahi ban sani ba" ba ta fitar da kai, tunda an rubuta a inda kowa ke iya dubawa.

Wurin da ake yin kuskure: ana rubuta jinginar ne da sunan mai bashin, a kotun inda yake zaune ko yake da rajista. In kartagiris ɗin na ɗauke da sunan wani mutumin Yamai, tambaya a kotun Arlit kaɗai ba ta wadatar ba. Can za ka aika a duba. Motocinmu kuwa, wata ta wuce hannu uku, kartagiris na nan da sunan mai ita na farko.

Haka kuma, ka nemi takardar nongaj daga ofishin sufuri, sabuwa, ba ta bara ba. Ka gwada lambar shasi da ke jikin ƙarfe da ta takarda, harafi bayan harafi.

In an tarar da saura, a ce miliyan 2, ba dole ciniki ya mutu ba. Ku je banki tare, ka zuba miliyan 2 ɗin a hannunsu, su ba da takardar sakin jingina, a soke ta a rajista, sannan ka miƙa masa miliyan 4.

Na san za a ce wannan rashin yarda ne, ga shi abokin babanka ne. Ni ban ga haka ba. Wanda ya ce "yau da dare zan wuce Agadas, kawo kuɗin", ka ce masa Allah ya kiyaye hanya, in ya dawo kwa je kotun tare.