Zuwa ga jami'an saye: taken imel ɗin da zai tsayar da injin buga buhu



Jami'in saye yakan ɓata rabin awa yana gyara jikin imel, ya manta da ɗan layin nan na sama, wurin da aka rubuta Subject. Alhali shi ne mutanen sashen ciniki na kamfanin da ke kawo kaya suke gani kafin su yanke shawarar buɗe saƙo yanzu ko sai bayan azahar. Akwatin saƙonsu galibi na tarayya ne, mutum uku ko huɗu ke leƙa shi, kowa yana zaton ɗan'uwansa ya amsa.

A ɗauka wata masana'antar gyaran shinkafa ce a Kano ta ba wani kamfani a Legas odar buhuna 20,000 masu cin kilo 50, da sunanta a jiki, a takardar oda mai lamba 4417. Ranar Talata dillalai suka ce ƙaramin buhu mai kilo 25 kasuwa take so. Ranar Alhamis za a fara bugawa. Buhun da aka riga aka buga wa suna kuwa ba ya komawa, don babu wanda za a sayar wa.

Abin da hannu ya saba shi ne a nemo tsohon saƙo a danna Reply. Sai taken ya fita haka:

```
Re: Re: Quotation for bags
```

Nan ake faɗawa rami. Gmail da Outlook suna jera saƙonni masu take ɗaya a zare guda, don haka sabon umarni yakan shige ƙarƙashin hirar farashi da aka rufe makonni da suka wuce. Mai karɓar oda ya ga taken, ya ɗauka godiya ce ko tambayar rasit, ya wuce. Mafita ita ce sabon saƙo da sabon take, a maƙala masa takardar odar da aka gyara.

Daga nan sai jerin kalmomi. Allon waya yakan nuna haruffa 30 zuwa 40 ne kacal na take ya datse sauran, kuma 'yan ciniki da yawa a waya suke duba saƙo, suna hanya ko suna sito. Saboda haka abin da ake so su aikata shi ke zuwa farko, lambar oda ta biyo, sannan sauyin kansa, wa'adi ya zo ƙarshe:

```
STOP PRINT LPO 4417: 50kg to 25kg, confirm by Wed 12pm
```

Haruffa 33 na farko sun ƙare daidai kan girman sabon buhu. Ko waya ta cinye wa'adin, wanda ya kalla ya san aikin da zai dakatar da kuma odar da abin ya shafa, zai iya kiran ɗakin bugawa tun bai buɗe saƙon ba. Tsohon girma da sabo duk sun fito, wanda ya fi a ce kawai an yi gyara. In kamfanin ya riga ya aiko da takardar farashinsa mai lambar kansa, to a sa lambar a layin farko na jikin saƙo, domin da ita suke bincike a kwamfutarsu.

Kalmar URGENT fa? Ta sha jiki. Kowane mai saye yana manna ta a kowane saƙo, har ido ya daina ganinta, kuma tana cin gurbin haruffa shida a wuri mafi tsada. Ranar da sa'ar da aka ambata sun fi ta tayar da mutum daga kujera. Jar alamar High Importance ta Outlook ma ba abin dogaro ba ce, tunda ba kowace manhajar imel ke nuna ta ba. Wa'adi kuma a rubuta shi da sunan rana ko na wata, musamman in kamfanin na ƙetare ne: 03/04 uku ga Afrilu ne a Kano, a Amurka kuwa huɗu ga Maris.

Oda ɗaya, saƙo ɗaya. Wanda ya haɗa sauyin buhu da tambayar kuɗin tirela a take guda, amsar mai sauƙin zai samu.

Take mai kyau yana sa a buɗe saƙo, amma bai isa shaidar an dakatar da injin ba. Bayan aikawa sai jami'i ya ɗaga waya ya karanta wa mai kula da odarsa taken, ya nemi amsa a rubuce. Amsar da ake jira ita ce sabuwar takardar farashi mai nuna kilo 25 da sabuwar ranar lodi. In abin da ya dawo Noted ne kawai, ko aka yi shiru har sha biyun ranar Laraba, sai a tura saƙon ga shugaban sashen ciniki da taken nan ba tare da an taɓa shi ba.