Raddi Ga Masu Cewa A Goge Tsohon Kuɗi Kafin A Sayar

Akwai dillalan kayan tarihi da ke cewa tsohon kuɗin azurfa sai an goge shi da toka ko man goge ƙarfe sannan ya yi daraja. Ban yarda ba. Bari in auna hujjojinsu da dalar Morgan, wadda Amurka ta buga daga 1878 zuwa 1904, ta sake bugawa a 1921.

Sun ce mai saye ƙyalli yake nema. Wane ƙyallin? Lokacin da hatimin ƙarfe ya danne azurfa, ƙarfen yakan malala daga tsakiya zuwa gefe, ya bar siraran layuka da ido ba ya iya rarrabewa. Su ne ke sa haske ya riƙa zagaya fuskar kuɗin idan ka karkata shi a ƙarƙashin fitila. Wannan sheƙin sau ɗaya ake samunsa, ranar bugawa. Guga tana shafe layukan, ta bar ƙyalli mai faɗi wanda ba ya motsi, da ƙananan karce jere da juna. Mai duba kuɗi da gilashin ƙara girma nan take zai gane su.

A nan asarar take. Ma'aunin da William Sheldon ya fito da shi a 1949 yana tashi daga 1 zuwa 70, kuma daga 60 zuwa sama na kuɗin da bai shiga hannun jama'a ba ne. A dalar Morgan, ana fara duba gashin da ke saman kunnen matar da ke fuskar kuɗin, da kuncinta, da gashin ƙirjin mikiyar da ke baya. Idan sun ɗan lashe kaɗan amma sheƙi na nan, tana iya samun AU-58. To, a ce mai ita ya goge ta. PCGS da NGC, manyan kamfanonin tantancewa, ba za su ba ta lamba ba sam. Za su rubuta "Details" tare da bayanin cewa an goge ta, masu saye kuma su karya farashin ƙwarai, ko da zanen bai ragu ba.

Sun kuma ce baƙin da ke jikinta datti ne. Ba datti ba ne. Azurfar ce ta haɗu da sinadarin farar wuta da ke cikin iska, saboda haka cire shi cire fatar kuɗin ne. Wani launin ma, idan ya fito da kyau, ƙara kuɗi yake yi.

Hujjarsu mafi ƙarfi ita ce ƙwararru ma suna wankewa. Gaskiya ne, amma abin da suke cirewa baƙon abu ne, kamar koren danƙon da ledar PVC ke bari, wanda ke cin ƙarfe idan an ƙyale shi. Da asiton ake narkar da shi, ba a dirzawa, kuma asiton ba ya taɓa azurfa. Toka kuwa azurfar kanta take kankarewa.