Naira 850 ɗin mai man gyaɗa ta Jibiya

Labarin wata mata mai sayar da man gyaɗa a kasuwar Jibiya ya kamata ya ba bankunan ƙasar nan kunya, idan har da sauran kunyar. Ba ta da akanta. Abin da take da shi littafi ne irin na 'yan firamare, bangonsa duk ya sha mai, da biro ɗaure da zare. Duk wanda ya tura mata kuɗi, ɗan gari ne ko baƙo daga Maraɗi da ya biya ta hannun mai POS, sai ta rubuta rana da adadi.

A wani wata na 2025 littafin ya nuna an tura mata kuɗi sau 38. Dokar kuɗi ta 2020 ta ɗora harajin naira 50 a kan kuɗin da ya kai naira 10,000 ko ya haura, abin da bai kai ba kuwa babu haraji a kansa. Ta bi layi-layi da yatsa, ta tarar sau 21 ne kawai aka kai wannan adadi, wato naira 1,050 ya kamata a cire. Banki ya kwashe 1,900. Ashe har cinikin 3,000 da 4,500 an yi wa yanka, sau 17, naira 850 ke nan.

Da ta je reshen bankin a Katsina, kuɗin motarta sun fi abin da take bi. Aka ce: "Hajiya, ki dawo mako mai zuwa."

Bankuna za su ce kuskuren na'ura ne, kuma na'ura takan yi kuskure, mun ji. Amma na'urar da ta iya cirewa cikin daƙiƙa ɗaya ba za ta rasa yadda za ta mayar ba. A mayar mata da kuɗinta, a kuma mayar wa duk wanda kuskuren ya taɓa, ba sai ya zo da littafi a hannu ba.

Ba mu manta ba. Matan kasuwa irinta ba marmarin banki ya kai su ba. Ƙarancin takardun naira na farkon 2023 ne ya kora su can. Kafin nan, a 2021, an katse layukan waya a Jibiya, babu alat balle a san abin da ya shiga ko ya fita. Ga rufe iyaka a 2019, ga na 2023. Wanda ya sha wannan duka, shi ake bi ana tsakurar hamsin-hamsin.

Ƙa'idar Babban Banki ita ce a fara kai ƙorafi banki, idan mako biyu ya wuce ba a warware ba, a garzaya sashensa na kare haƙƙin abokan hulɗa, a rubuce. Mata nawa ne a kasuwar Lahadi za su iya wannan zirga-zirga? Ya kamata Babban Banki ya tilasta wa bankin ya binciki asusun kowa na wannan wata, ya mayar da abin da ya ci ba bisa ƙa'ida ba, kuma kowane caji ya riƙa zuwa da ranarsa da dalilinsa, da Hausa.

Ita dai ta ja layi a gefen kowane shafi, ta buɗe sabon gida ta rubuta masa suna: "na banki".