Maɓalli Bakwai a Shafi Ɗaya

A ra'ayina, babbar illar shafukan da matasan Zongon Lome suke tsara wa 'yan kasuwa ita ce rashin tartibi, wato kasa fifita muhimmi a kan wanda bai kai shi ba. A ƙaddara mai sayar da ragunan Layya ya yaɗa tallarsa, mai bukata ya latsa ta a wayarsa, sai ya tarar da maɓalli bakwai masu girma ɗaya da launi ɗaya: na WhatsApp, na kira, na Facebook, na Flooz, na T-Money, na taswira, da na sauya harshe zuwa Faransanci, to, da yake babu wanda ya rinjayi wani, galibi sai ya ruɗe ya fita. Gyaran yana farawa da tambayar mai hajar maƙasudinsa, kuma tun da ba a biyan kuɗin rago sai an gan shi an yi ciniki, lalle maɓallin WhatsApp ne ya cancanci shugabanci. A ba shi launin da babu mai irinsa, a ajiye shi ƙarƙashin hoto, inda ido zai riske shi kafin yatsa ya ja shafin, a rubuta masa "Tambayi farashin wannan rago". Kira ya koma ƙaramin rubutu, taswira da Facebook su sauka ƙasa, Flooz da T-Money kuwa su dakata sai an daidaita. Hujjar gyaran lissafi ce: cikin kowane baƙo 100, nawa suka aiko saƙo kafin gyara, nawa bayansa, muddin tallar da ta kawo su ba ta sauya ba.